Direba Ya Yi Ɓarna, Mai Mota Zai Biya: Yaushe Kotu Ke Ɗora Laifin Ma'aikaci a Kan Ubangidansa?

Idan motar kamfani ta kaɗe mai babur ta karya masa ƙafa, abu biyu ne kan biyo baya. Direba yakan ce shi talaka ne, ko an sayar da duk abin da ya mallaka ba zai kai kuɗin asibiti ba. Mai mota kuma yakan ce shi yana gida lokacin da abin ya faru, bai taɓa sitiyari ba, hasali ma ya sha jan kunnen direban a kan gudu. Sau da yawa a nan magana take mutuwa, a ba wanda aka ji wa ciwo haƙuri ya koma gida da jinyarsa. Amma a kotunan da ke bin dokar da Najeriya da Gana suka gada daga Ingila, wannan amsa ta mai mota ba ta wanke shi. Akwai ƙa'ida tsohuwa da ke cewa idan ma'aikaci ya cuci wani a cikin aikin da aka ɗauke shi domin ya yi, ubangidansa ma zai biya diyya, ko da shi kansa bai yi laifin komai ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan zalunci ne, ina ruwan wanda bai ji ba bai gani ba? Alƙalai suna da hujjarsu. Mai mota ne ya sa motar a kan titi domin ta kawo masa kuɗi, shi ya zaɓi direban, shi ke da ikon horar da shi ko sallamarsa, shi kuma ke da halin yin inshora ya zuba kuɗinta cikin farashin hajarsa. Hatsari wani ɓangare ne na sana'ar da yake cin ribarta, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai a lura, maganar diyya ake yi. Idan abin ya kai ga ɗauri, a ƙa'ida wanda ya aikata laifin shi ke shiga gidan yari. Ubangida aljihunsa ne ke amsawa.

Kafin kotu ta ɗora masa biya, sai mai ƙara ya tabbatar da abu uku. Na farko, cewa an yi laifin da doka ta san da shi, kamar sakaci ko duka ko damfara. Na biyu, cewa wanda ya yi laifin ma'aikacin wanda ake ƙara ne, ba ɗan kwangila mai cin gashin kansa ba. Direban da kake biyan albashi, kana gaya masa inda zai je da lokacin da zai dawo, naka ne. Mai tasin da ka ɗauka shata ya kai ka unguwa da motarsa, sana'ar kansa yake yi, ɓarnarsa ba ta hau kanka. Na uku shi ne inda lauyoyi ke kai ruwa rana, wato a nuna cewa laifin ya faru ne a cikin aikin.

Ashana ɗaya a gidan mai

Shari'ar da ta fi bayyana yadda alƙalai ke tunani ta faro ne a birnin Belfast na Arewacin Ayilan, aka yanke ta a 1942. Wani direban tankar mai ya kai fetur wani gareji, ya haɗa tiyo, mai ya fara kwarara cikin rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa. Yana tsaye yana jira sai ya kunna sigari, ya yar da ashanar a ƙasa. Wuta ta tashi, aka yi fashewar da ta lalata tankar da motar mai garejin da wasu gidaje na kusa.

Aka yi jayayya cewa shan taba ba aikin kamfani ba ne. Ba wanda ya ɗauki mutumin nan aiki domin ya busa sigari, don jin daɗin kansa ya kunna. Alƙalan ƙoli na Birtaniya suka ƙi wannan magana. Suka ce ba a tsinke kunna ashanar a dube ta ita kaɗai kamar a ɗakinsa ya kunna. A daidai wannan lokaci aikinsa shi ne ya tsaya ya kula da sauke fetur har a gama lafiya. Wanda ya kunna wuta kusa da fetur da ke kwarara, aikin nasa ne yake yi, amma yana yin sa da ganganci. Don haka alhaki ya hau kan waɗanda suka ɗauke shi.

Darasin shi ne kotu takan fara tambayar wane aiki aka damƙa wa mutumin, ta kuma dube shi da faɗi. Daga nan sai ta auna: abin da ya yi mummunar hanya ce ta yin wannan aikin, ko kuwa wani abu ne dabam da ya fita daga cikinsa gaba ɗaya? Wannan ma'auni wani masanin shari'a mai suna John Salmond ne ya tsara shi a 1907, kuma kotunan Najeriya sun daɗe suna aiki da shi.

Da shi ake warware maganar direban da ya kauce hanya. Tun 1834 wani alƙalin Ingila ya bambanta tsakanin bawan da ya ɗan ratse yana cikin saƙon ubangidansa da wanda ya tafi yawon gaban kansa. Direban da aka aika Zariya daga Kano ya tsaya a Kwanar Dangora ya ci abinci, yana fitowa ya buge wani, har yanzu yana cikin aike. Wanda ya gama aiki aka ce ya ajiye mota, ya sulale da ita da dare ya tafi biki wani gari, tafiyar kansa ce. Babu wani adadin kilomita da doka ta yanka. Ana duba nisan ratsen da dalilinsa, a ga ko tafiyar aiki ce aka yi wa kwana ko sabuwar tafiya ce aka ƙirƙiro.

"Ai na hana shi"

Babu kariyar da iyayen gida suka fi dogara da ita kamar wannan, kuma babu wadda ta fi ba su kunya a kotu. A 1862, zamanin da dawaki ke jan motocin haya a Landan, wani kamfani ya ba direbobinsa umarni a rubuce cewa kada su yi tsere da motocin wasu kamfanoni, kada kuma su tare musu hanya. Wani direba ya yi kunnen uwar shegu, ya sha gaban motar abokan hamayya har ta kife. Kamfanin ya fito da takardar umarninsa. Kotu ta ce duk da haka sai ya biya, domin mutumin tuƙi aka ɗauke shi yi, tuƙin yake yi, kuma fasinjan da yake wawaso na kamfanin ne. Da takardar hani tana wanke ubangida, da kowane mai mota ya rubuta "kada ka yi hatsari" ya manna a gilashi ya huta.

Amma akwai hanin da ke aiki, kuma bambancin yana da muhimmanci. Wani hani yana tsara yadda za a yi aikin ne kawai: kada ka yi gudu, kada ka sha taba, kada ka yi lodi fiye da kima. Karya irin wannan bai fitar da ma'aikaci daga aikinsa ba. Wani hanin kuwa iyakar aikin kansa yake shatawa, ya ce wannan naka ne, wancan ba naka ba ne. A 1900, a Landan ɗin dai, wani kwandasta ya ga direba ba ya nan, ya hau ya ja motar domin ya juya ta, ya buge wani mutum. Kotu ba ta ɗora wa kamfanin ba, domin karɓar kuɗi ne aikin kwandasta, ba a kuma nuna an taɓa ba shi izinin tuƙi ba. Shekaru 15 bayan haka aka sami wata shari'ar mai kama da ita, sai dai a wannan karon direban yana zaune a gefe, shi ya bar wa kwandastan tuƙin. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a nan ana iya kama kamfanin ta hanyar sakacin direban, tunda kula da motar aikinsa ne, ya kuma miƙa ta ga wanda bai iya ba. Duk mai motar da direbansa ke ba yaron mota sitiyari "ya ɗan koya" ya kamata ya san wannan.

A Najeriya an gwada wannan iyaka a 1963, a shari'ar kamfanin sufuri na Jarmakani da wata mata mai suna Abeke. Motar ta ɗaukar kaya ce, an hana direba ɗaukar fasinja, an kuma rubuta hanin a jikin motar. Direban ya ɗauki mutane, aka yi hatsari, matar ta ji rauni. Kotun Ƙoli ta ce kamfanin ba zai biya ta ba, domin jigilar mutane ba ta cikin aikin da aka ba direban. Sai a kwatanta da wata shari'ar Ingila ta tsakiyar shekarun 1970. Wani mai raba madara gida-gida ya ɗauki yaro ɗan shekara 13 yana taya shi kai kwalabe da karɓo kuɗi, alhali kamfanin ya kafa sanarwa cewa an hana ɗaukar yara a motocinsa. Yaron ya ji ciwo a ƙafa saboda tuƙin ganganci. Akasarin alƙalan suka ce kamfanin ya biya, domin yaron madarar kamfanin yake rabawa. An karya doka, amma cikin hidimar ubangida aka karya ta. A duk waɗannan shari'o'i tambaya ɗaya ce ke dawowa: harkar wa ake yi lokacin da ɓarnar ta auku?

Idan da gangan aka yi fa?

Sakaci yana da sauƙin aunawa. Wuyar tana wajen ma'aikacin da ya yi sata ko duka ko fyaɗe, domin ba yadda za a ce sata wata hanya ce ta yin aiki. Duk da haka tun da daɗewa kotuna suka ga akwai inda barin ubangida ya tsira zai zama rashin adalci. A tsakiyar shekarun 1950 wata ƙara daga Najeriya ta kai har gaban alƙalan Landan, waɗanda a lokacin su ne maƙurar ɗaukaka ƙara. Kamfanin UAC ya ba wani ɗan kwangilar sufuri mai suna Saka Owoade kaya ta hannun direbansa da akawunsa, su kuma suka yi awon gaba da kayan. Aka yanke cewa Owoade zai biya, domin kayan da aka damƙa musu su tsare su kai, su ne suka sace.

A 2001 aka faɗaɗa wannan tunani a shari'ar kamfanin Hesley Hall mai wata makarantar kwana a Ingila, inda mai kula da ɗakin kwanan yara ya riƙa lalata da yaran da aka ba shi amana. Alƙalai suka ce abin dubawa shi ne ko laifin yana da alaƙa ta ƙut da ƙut da aikin da aka ba mutumin, har ya zama adalci a ɗora wa ubangidansa. Makarantar ta karɓi amanar yaran ta miƙa masa, shi kuma amanar ya ci. Da mai share harabar makarantar ne ya yi, wanda ba a ba shi kulawar yara ba, da hukuncin zai iya bambanta, domin shi dama kawai aikinsa ya ba shi.

Yadda wannan ma'auni ke aiki ya fito fili a shari'o'i biyu na kamfani ɗaya, wato Morrisons, mai manyan kantuna a Birtaniya. A ɗaya ya sha kaye, a ɗaya ya yi nasara, tazarar shekara huɗu kacal.

A watan Maris na 2008 wani mutum ɗan asalin Somaliya mai suna Ahmed Mohamud ya tsaya a gidan man kamfanin a Birmingham. Ya shiga ɗan shagon wurin ya tambaya ko za a iya buga masa wasu takardu da ke cikin filashinsa. Ma'aikacin da ke kan kanta, Amjid Khan, ya amsa masa da ashar, da ya nuna rashin jin daɗi sai ya ƙara masa da zagin wariyar launin fata ya ce ya fita. Mohamud ya fita ya shiga motarsa. Khan ya biyo shi, ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, ya ce kada ya kuskura ya sake dawowa wurin, ya kai masa naushi a kai. Da Mohamud ya fito domin ya rufe ƙofar, Khan ya kayar da shi ƙasa ya yi ta duka da shuri, shugabansa na wurin aiki yana ce masa ya bari, bai bari ba.

Kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara duk sun wanke kamfanin. Suka ce sayar da kaya aka ɗauki Khan ya yi, ba tsaro ba, kuma da ya bar kanta ya bi mutum waje ya fita daga aikinsa. Mohamud ya rasu sakamakon wata rashin lafiya dabam kafin a kai ƙarshe, iyalinsa suka ci gaba da ƙarar. A 2016 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin. Ta yi tambaya biyu. Mene ne fagen aikin Khan? Amsa: sauraron masu shigowa da amsa tambayoyinsu. Akwai isasshiyar alaƙa tsakanin wannan da dukan? Kotu ta ce akwai, domin tun daga amsar da ya bayar a kan kanta har zuwa naushin abu ɗaya ne bai yanke ba. Sannan abin da ya faɗa a bakin motar yana da nauyi: ya kori mutumin ne daga harabar kamfanin, yana magana kamar da yawun kamfanin, ya kuma ƙarfafa korar da duka. Babu wata tsohuwar gaba tsakaninsu. Mummunan cin zarafin matsayinsa ne, amma a matsayin nasa ya yi.

Shari'a ta biyu ta shafi Andrew Skelton, babban mai binciken kuɗi na cikin gida a kamfanin. A 2013 an ladabtar da shi da gargaɗin baki a kan wani ƙaramin laifi, ya riƙe abin a zuciya. A ƙarshen shekarar aka ba shi aikin miƙa bayanan albashin ma'aikata ga masu binciken kuɗi na waje. Ya miƙa kamar yadda aka ce, amma ya kwafi nasa a ɓoye. A watan Janairun 2014, yana gidansa, ya watsa bayanan ma'aikata kusan 100,000 a intanet, da sunayensu da adireshinsu da lambobin asusun banki da albashin kowa, ya kuma shirya abin yadda za a zargi wani abokin aikinsa. Daga baya ya aika wa jaridu. An kama shi aka ɗaure shi shekara 8. Ma'aikata fiye da 9,000 suka kai kamfanin ƙara.

Kotuna biyu na ƙasa suka ce kamfanin ya biya, suna dogaro da shari'ar Mohamud: ai kamfanin ne ya damƙa masa bayanan, kuma daga damƙawar zuwa watsawar sarƙa ɗaya ce. A watan Afrilun 2020 Kotun Ƙoli ta ce an yi wa hukuncinta na baya gurguwar fahimta. Jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya bai isa ba, haka nan samun dama ta dalilin aiki bai isa ba. Aikin Skelton shi ne kai bayanai ga masu bincike, ya kuma riga ya kai. Watsa su ga duniya ramuwar gayya ce ta ƙashin kansa, wadda ya shirya domin ya cutar da kamfanin. Khan, duk da muninsa, harkar gidan man yake yi ta hanyar banza. Skelton harkar kansa yake yi. Kamfanin bai biya ba.

Hukuncin kotunan Birtaniya na yanzu ba dole ba ne a kan alƙalan Najeriya, amma lauyoyi suna kawo su a matsayin hujja, alƙalai kuma suna ba su nauyi tunda tushen dokar ɗaya ne. A aikace, maigadin kanti da ya lakaɗa wa mai sayayya duka wajen fitar da shi ya fi kusa da Khan. Maigadin da ya hango wanda suke rigimar gona da shi a ƙauye ya shigo sayayya, ya far masa, ya fi kusa da Skelton, ko da a bakin aiki yake sanye da kakinsa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe

Wanda aka cuta, nasararsa tana rataye ne a kan ƙananan bayanai da ke saurin ɓacewa. Lambar motar da sunan da ke jikinta, abin da ta ɗauko, inda ta fito da inda ta nufa, ƙarfe nawa ne, me ma'aikacin ya faɗa kafin ya ɗaga hannu, su wa suka gani. Mun ga yadda jimla ɗaya a bakin mota ta taimaka wajen juya shari'ar Mohamud. Kotunan Najeriya kan ɗauka cewa wanda ke tuƙa mota yana yi wa mai ita aiki ne, sai in mai motar ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka, don haka gano mai motar babban mataki ne. A 2000 kuma, a shari'ar kamfanin Ifeanyi Chukwu Osondu da kamfanin Soleh Boneh, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rashin saka direba cikin waɗanda ake ƙara ba ya kashe ƙarar da aka kai ubangidansa. Guduwar direba ba ta rufe ƙofa, amma dole ne a tabbatar wa kotu da shaida cewa direban ya yi laifin. Sannan kada a yi jinkiri, domin kowace ƙara tana da wa'adi, kuma idan hukumar gwamnati ce akwai dokar kare jami'ai da ke iya taƙaita shi zuwa wata uku.

Shi kuma ma'aikaci kada ya ɗauka an yafe masa. Alhakinsa yana nan, ana iya haɗa shi da ubangidansa a ƙara ɗaya, kuma a ƙa'ida ubangidan da ya biya yana iya juyowa ya nemi kuɗinsa a wurinsa.

Ga masu motoci da masu kantuna da masu makarantu kuwa, gargaɗin baki da sanarwar da aka manna a bango ba su ne za su cece ku ba. Ku binciki wanda za ku ɗauka kafin ku ba shi makulli ko ku bar masa yara. Ku fayyace masa iyakar aikinsa a rubuce, ku sa ido ku ga ana bi, ku kuma yi inshora ta gaske wadda za ta iya biya ranar da aka wayi gari da tsautsayi, ba takardar nuna wa jami'an hanya ba. Duk aikin da kuka damƙa wa mutum, idan ya cuci wani a cikinsa, ku doka za ta nema.